Dala 500 ta baro Amurka, nawa ta iso Kano?

Wata ƙanwata da ke aikin fassara a Kano ta kira ni da daddare, ranta a ɓace. Wani kamfani a Amurka ya ba ta aikin dala 500, ta gama, an aiko mata da kuɗin ta asusunta na dala. Bayan kwana huɗu alat ya shigo, sai ta ga 475. Ta je banki da safe, ma'aikacin ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa ya ce, "Hajiya, ga abin da ya iso mana, ko sisi ba mu taɓa ba." Ta rubuta wa kamfanin, su ma suka turo rasit mai nuna 500 cif. To ina dala 25 ta shiga?

Ba wanda ya yi mata ƙarya a cikinsu. Kuɗin ya biyo hanyar SWIFT ne, kuma dala ba ta tasowa daga bankin mai aikowa ta faɗa bankin Najeriya kai tsaye. Sai ta yada zango a wani bankin tsakiya, galibi a New York, inda bankinmu ke da nasa asusun. Wannan bankin ne ke yankar ladansa kafin ya miƙa saura, kuma abin da yake cira yakan kama daga dala 15 zuwa 30, wani lokaci ya haura idan zangon ya zama biyu. A takardar aikawa akwai wurin da ake zaɓar wanda zai ɗauki wannan caji. Idan an sa OUR, mai aikowa ne ya ɗauke shi duka. Idan SHA ne, ya biya na bankinsa kawai, na kan hanya ya faɗo kanka. Idan kuwa BEN ne, komai a jikin kuɗinka za a cire. Kamfanin ƙanwar tawa SHA ya zaɓa, don shi ne aka saba, ita kuma ba ta san ana tambaya ba.

Kafin mu je ga sauran hanyoyi, a gyara wani kuskure da ya yaɗu. Yawancin takunkumin da ake kuka da shi a kan fitar dala yake, ba a kan shigowarta ba. Lokacin da bankuna suka rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata a 2022, daga baya ma suka rufe gaba ɗaya, mai saye aka matsa wa. Mai karɓa damuwarsa daban ce: da wane kuɗi za a ba shi, dala ko naira, kuma a kan wane farashi? A nan dokar ta sha juyawa. Daga ƙarshen 2020 Babban Bankin Najeriya ya ce a riƙa biyan kuɗin aike da dala. A watan Yunin 2023 ya haɗe farashin canji ya bar kasuwa ta yi halinta, ya kuma ce mai asusun dala yana da ikon kuɗinsa, yana iya cire har dala 10,000 a rana. A ƙarshen Janairun 2024 kuma ya umarci kamfanonin aike irin su Western Union da MoneyGram da WorldRemit su riƙa biya da naira kawai, tsabar kuɗi a hannu kuma kada ya wuce kwatankwacin dala 200, abin da ya haura sai ta asusu. Saboda haka wanda ya ce wa kwastomansa ya aiko ta irin waɗannan kamfanoni, ya sani cewa ya riga ya sayar da dalarsa a farashin da suka yanka ranar.

Shi ya sa na ce wa ƙanwata ta daina tambayar nawa ne caji. Tambayar da ke fitar da gaskiya ita ce: naira nawa za ta shigo hannuna? Caji iri biyu ne. Akwai wanda ake rubutawa kowa ya gani, akwai kuma wanda ke kwance a cikin farashin canji, kuma sau da yawa na kwancen ne ya fi cin mutum.

Mu ɗauka, don saukin lissafi, dala tana naira 1,500 a kasuwa. Dala 500 ke nan naira 750,000. Ta SWIFT an cire 25, saura 475, idan ta sayar a farashin kasuwa ta samu naira 712,500. Ta yi asarar 37,500, kashi biyar cikin ɗari na guminta.

Yanzu a kawo manhajojin da ke ba mutum lambar asusun Amurka ko Birtaniya yana zaune a Hotoro ko Tudun Wada, irin su Grey da Cleva. Dabararsu ita ce kwastoman ba ya aikawa ƙasar waje ko kaɗan. A wurinsa taransifar cikin gida ce, wadda Amurkawa ke kira ACH, mai arha ko ma kyauta, don haka babu bankin tsakiya da zai yanki rabonsa. Manhajar takan ɗauki abin da bai yi nisa da kashi ɗaya cikin ɗari ba, sannan idan za ka mayar naira ta ba ka nata farashin. A ce ta cire dala 5, ta saya a 1,480. Dala 495 sau 1,480 ya ba da naira 732,600. Asarar ta tsaya a 17,400, ƙasa da rabin ta banki. Amma lura, a cikin wannan asara dala 5 ɗin da aka rubuta naira 7,500 ce kacal. Sauran 9,900 ta tafi ne a ratar naira ashirin ɗin nan da ba wanda ya kira ta caji.

Sai a juya lissafin da dala 5,000, a ga yadda reshe ke juyewa da mujiya. Cajin bankin tsakiya ba ya girma da girman kuɗi, yana nan a 25 ɗinsa, asarar naira 37,500. Ta manhaja kuwa, idan cajin da ratar suka tafi a yadda muka ɗauka, 4,950 sau 1,480 zai ba da naira 7,326,000, asarar 174,000. Da waɗannan alƙaluma hanyoyin biyu suna yin kunnen doki ne a wajen dala dubu ɗaya da 'yan kai. Ƙasa da haka manhaja ta fi, sama da haka asusun dala ya fi. Wasu manhajojin suna sa iyaka ga cajinsu, bankinka kuma yana iya cire wani abu idan za ka ɗauki tsaba ko ka tura wa ɗan canji, saboda haka kowa ya zauna da alƙalumansa na ranar ya buga. Tsarin lissafin dai ba ya canzawa.

Asusun dala yana da wani amfani da lissafin rana ɗaya ba ya nunawa. Wanda ya ajiye dalarsa a farkon Yunin 2023, lokacin da farashin gwamnati ke wajen naira 460, ya ga ta haura 1,400 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. Ba kullum ake samun haka ba, naira ma takan farfaɗo mai ajiya ya ciji yatsa, amma zaɓin ranar sayarwa yana hannunka. Matsalarsa ta yau da gobe sananniya ce: ka je reshe a ce babu dala a ƙasa, ka dawo jibi, ko a ba ka tsofaffin takardu da ƙananan canji waɗanda 'yan Wapa a Fagge ko na Zone 4 a Abuja za su karya wa farashi.

Payoneer ya fi dacewa da wanda ke aiki ta dandamali irin su Fiverr da Upwork, inda kuɗi ke gangarowa da kansa. Inda yake cizo shi ne idan kwastoma ya biya da katin bashi, domin cajin yana kaiwa kashi 3.99 cikin ɗari. Dala 500 ta koma 480, idan canjin ya ƙara cin kashi biyu aka ba ka 1,470, ka tashi da naira 705,600, ƙasa da abin da SWIFT ya bari. Akwai kuma dala 29.95 ta shekara da ake cira a asusun da kuɗi ba ya shiga sosai. PayPal kuwa tun da ya shigo Najeriya a 2014 ya shafe shekaru asusunmu na aikawa ne kawai, wannan ya sa samari suka koyi buɗe asusu da adireshin wata ƙasa. Ranar da aka nemi shaidar zama a can, kuɗin kan maƙale har kwana 180. Ban ga ribar da ta kai wannan kasada ba.

Saura USDT, wanda matasa suka fi so saboda cikin mintuna yake isowa, cajin aikawa kuma ƙalilan ne. Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da kuɗin kirifto a Fabrairun 2021, ya sassauta a Disambar 2023, Binance ya daina harkar naira a Maris 2024, a Agustan shekarar kuma hukumar SEC ta ba Busha da Quidax amincewar farko. Haɗarin yana wurin sayarwa. Idan ka sayar wa baƙo ya turo maka naira, ba ka san asalinta ba. In ta damfara ce, mai ita ya kai ƙara, ana bin sawunta asusu bayan asusu, naka ma a rufe shi alhali ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba. Kuma idan kwastoma ya aiko ta layin da bai dace da adireshinka ba, misali ka ba shi na TRC20 ya bi wani, da wuya a ga kuɗin kuma. Kamfanoni masu akanta ma yawanci ba sa yarda su biya ta nan.

Duk wannan magana ta masu sayar da aikin hannu da na ƙwaƙwalwa ce. Mai fitar da riɗi ko zoɓo daga Dawanau hanyarsa daban, sai ya cika fom ɗin NXP, kuɗin kayan kuma ya dawo ta banki cikin kwana 180.

Ƙanwata yanzu tana tara aikin wata biyu ko uku a takardar neman biya guda idan kamfanin SWIFT zai yi, a ƙasan takardar kuma ta rubuta cewa cajin aikawa OUR ne. Sunanta a takardar daidai yake da na asusu harafi da harafi, domin "Aisha" a nan da "A'ishatu" a can ya isa a tsare kuɗi a sashen bincike. Tana ajiye kwangila da takardar biya a waya, saboda banki ko manhaja na iya tambayar asalin kuɗi kafin su sake shi. Idan kwana biyar na aiki suka wuce shiru, ba ta zuwa banki hannu rabbana, sai ta nemi kwastoman ya turo mata takardar MT103 mai ɗauke da lambar UETR, wadda da ita ake gano zangon da kuɗin ya tsaya. Ƙananan ayyukan dala ɗari ko ɗari biyu kuwa ta manhaja take karɓa, kuma ba ta barin su kwana da yawa a can. A watan jiya kamfanin nan ya aiko mata 1,500, alat ya nuna 1,500.