Gaisuwar Abokan Ƙuruciya Bayan Shekara Ashirin

A wani layi na Kantin Kwari a Kano, ana gab da kiran sallar la'asar, wani mutum ya tsaya bakin shago yana taya shadda. Mai shagon na daga ciki yana lissafi, yaronsa ne ke ciniki da baƙon. Farashin bai yi wa baƙon ba, ya yi wata 'yar dariya ya ce a rage. Dariyar ce ta sa mai shagon ya ɗago kai. Ya ƙura wa mutumin ido, ya ga furfura a gemu da tumbin da bai sani ba, amma ga tabon nan a gefen gira, wanda shi kansa yana wurin ranar da aka samo shi a gindin mangwaro.

Ya fito ya yi sallama, ya ce, "Malam, don Allah ba a Tudun Wadan Zariya ka tashi ba, kusa da gidan mai makarantar allo?"

Baƙon ya yi shiru, ya dube shi sama da ƙasa. Sai kawai ya saki shaddar ya yi salati da ƙarfi: "Kai! Dogo? Kai ne? Ashe rai kan ga rai!"

Rabonsu da juna tun 2004, lokacin da mahaifin baƙon ya kwashe iyalinsa suka koma Agege a Legas. Yaran yanzu za su yi mamakin yadda aminai za su ɓace wa juna haka. To, wayar salula ba ta shigo Najeriya sosai ba sai a 2001, kuma a shekarun farko layin waya kansa kuɗi ne mai yawa, ɗan shekara goma sha huɗu bai isa ya mallaka ba. In mota ta tashi da abokinka, sai dai saƙon baki ta hannun direba ko wasiƙa, su ma shekara ɗaya ko biyu suke yi su yanke.

Abu na farko da mai shagon ya yi daidai shi ne yadda ya buɗe maganar. Da yawanmu kan tare mutum da "Ka gane ni?" sannan mu tsaya muna jiran amsa. Wannan jarrabawa ce, kuma tana kunyata wanda aka yi wa. Ko ya yi ƙarya ya ce ya gane, ko ya ce bai gane ba a ga kamar girman kai ne. Fuskar yaro da ta magidanci ba ɗaya ba ce, saboda haka wanda ya fara ganewa shi ya kamata ya ba da haske: sunan unguwa, sunan makaranta, gidan wane. Da Dogo ya ambaci Tudun Wada da makarantar allo, ya rage wa abokinsa rabin aikin tunawa.

Daga nan sai hannu. Suka yi musabaha, suka rungumi juna, suka saki, kowa ya kai hannu ƙirji, suka sake kamawa. Haka suka yi ta yi, hannu na komawa cikin hannu bayan kowace tambaya. A gaisuwar yau da gobe Bahaushe ba mai yawan runguma ba ne, musabaha ta wadatar da shi. Amma doguwar rabuwa tana da hukuncinta, kuma abin yana da tushe a addini. Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya yi hijira zuwa Habasha ya shekara fiye da goma a can, bai dawo ba sai a shekara ta 7 bayan Hijira, daidai da cin Khaibara. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rungume shi ya sumbaci goshinsa don murna. An kuma ruwaito daga Bara'u ɗan Azib cewa Musulmi biyu da suka haɗu suka yi musabaha ana gafarta musu kafin su rabu.

Sai doguwar gaisuwar, wadda masu gaggawa ke ce wa ɓata lokaci.

"Ina wuni?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Kwana da yawa! Yaya bayan rabuwa?"

"Sai alheri, wallahi sai alheri."

"Yaya iyali? Yaya mutanen Legas?"

"Kowa lafiya, alhamdu lillahi."

Wanda ke gefe zai ce ba a faɗi komai ba, tun da amsar duk ɗaya ce. Ni kuwa ina ganin a nan ne hikimar take. Shekara ashirin ta isa a yi mutuwa, a yi aure a rabu, a samu dukiya a rasa. Babu ɗayansu da ya san abin da ya faɗa wa ɗan'uwansa. Saboda haka gaisuwar takan faro daga nesa, daga abin da ba zai taɓa ciwon kowa ba, sannan ta matso a hankali. Kamar mai ƙetare rafin da bai sani ba ne, yana dafa sanda kafin ya sa ƙafa. Lafiyar jiki, gajiya, iyali a dunƙule, mutanen gari a dunƙule. A tsakanin waɗannan amsoshi kowa na sauraren muryar ɗan'uwansa. In "lafiya lau" ta fito da sauri, sai a wuce. In ta fito da jinkiri, ko aka ce "to, mun gode Allah" aka sunkuyar da kai, mai hankali ya san akwai magana, kuma ba a tsaye za a yi ta ba.

Duba yadda aka ce "yaya iyali", ba a ce "'ya'yanka nawa" ba. Mai iyali zai amsa, wanda bai yi aure ba zai amsa, wanda Allah bai ba haihuwa ba shi ma zai amsa ba tare da an sa shi bayani a gaban jama'a ba. Haka kuma ba a fara da "me kake yi yanzu?" An fi cewa "yaya aiki" ko "yaya kasuwa", a bar mutum ya faɗi iyakar abin da yake son faɗa.

Sai da yaron shago ya kawo ruwa da lemo, suka zauna a benci, sannan baƙon ya rage murya ya yi tambayar da ta fi kowace nauyi.

"Su Baba fa? Suna nan?"

"Ai Baba Allah ya yi masa rasuwa, bana shekara tara. Inna dai tana nan, tana wajena."

Nan take fara'ar ta ɗauke. Baƙon ya yi istirja'i, ya ɗaga hannu suka yi addu'a, ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Yaya ƙarin haƙuri?" Dogo ya ce, "Mun gode Allah. Allah ya ba da lada." A wajenmu ta'aziyya ba ta tsufa. Ranar da ka ji, ranar ta hau kanka, ko da mamacin ya shekara goma a ƙasa. Kuskuren da matasa ke yi shi ne su ce "ayya" su koma kan hirar ƙwallo. Wannan mutumin da ya rasu, ɗansa na sane da cewa ka ci tuwon gidansa, ya aike ka, wataƙila ma ya taɓa zane ku tare. Addu'ar da ka tsaya ka yi masa ita ce shaidar cewa ba ka manta ba. Shi ma baƙon ya faɗi nasa: yayarsa ta rasu wajen haihuwa. Aka sake ɗaga hannu.

Bayan an sallami matattu ne hira ke sakin jiki. Suka shiga lissafin abokai: wane yana aikin soja, wane ya zama limami, wane an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Suka tuna langa da daddare a farin wata, da tashe a cikin azumi, da bulalar malam ranar da suka gudu wanka a rafi. Yaran shago suka saki baki suna kallon maigidansu, wanda ba su saba ganin haƙoransa ba, yana dariya har da hawaye.

A nan akwai wani wuri mai santsi da ya kamata a kula da shi, wato sunan ƙuruciya. A kasuwa kowa Alhaji yake ce wa mai shagon. Kiran farko da baƙon ya yi masa da "Dogo" babu laifi, murna ce ta fito da shi, kuma babu abin da ke narkar da zuciyar mutum kamar jin sunan da aka daina kiransa da shi. Amma baƙon mai lura ne. Da suka zauna gaban yara da abokan ciniki, sai ya koma "Alhaji" ko "mutumina". Wasu laƙubban na tsokana ne, an raɗa su ne saboda fitsarin kwance ko kwaɗayi ko wata tawaya. Fito da irinsu gaban 'ya'yan mutum ko barorinsa na iya kashe zumuncin tun bai farfaɗo ba.

Sai bambancin samu. Da wuya abokai biyu su tarar da juna a mataki ɗaya bayan shekara ashirin. A wannan haɗuwa mai shagon ya fi ƙarfi, baƙon kuwa direban babbar mota ne da ke ɗauko kaya daga Legas. Nauyin ya fi hawa kan wanda ya samu: shi zai fara tashi tsaye, shi zai riƙe hannu ya ƙi saki, kada ya riƙa duban agogo ko waya. Wanda bai samu ba kuma nasa nauyin shi ne kada ya mai da ranar farko ranar koke. Da zarar roƙo ya shigo cikin gaisuwa, ɗayan zai fara tunanin ko dama abin da ya kawo murnar ke nan. Shaddar da baƙon ya zo saya, Dogo ya sa aka naɗe masa ya ce tsarabar yara ce. Ya ƙi, aka matsa, ya karɓa da godiya. Kyautar da ta zo ba a tambaya ba, ba ta rage wa kowa daraja.

A wajen mata abin ya fi armashi, da "oyoyo" da "lale marhabin" da kuka da dariya a haɗe, sai dai su sun fi maza wahalar gano juna, domin aure kan kai mace wani gari, sunanta kuma ya ɓace a cikin "Maman wane".

Da aka kira salla suka tafi masallaci tare. Bayan an idar suka karɓi lambar juna, kuma a nan yawancin irin wannan haɗuwa ke mutuwa: a rubuta lamba, a ce "sai na kira ka", shi ke nan. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Baƙon bai yarda ya tsaya a lamba ba, ya ce ba zai bar Kano ba sai ya gaida Inna. Da magariba suka isa gidan. Ya cire takalmi a ƙofar ɗaki, ya durƙusa har ƙasa. Tsohuwar ba ta gani sosai, amma da aka faɗa mata sunan mahaifiyarsa sai ta kama hannunsa ta ce, "Ɗan nan, kai ne ka girma haka? Ina uwar taka? Tana da rai?" Ya ce tana nan, ya kira ta a waya ya miƙa mata. Tsofaffin biyu suka shiga tasu gaisuwar daga farko.

Mai karatu, in Allah ya haɗa ka da abokin ƙuruciyarka, ka tambayi iyayensa kafin ka tambayi sana'arsa. In sun rasu ka tsaya ka yi musu addu'a. In suna da rai, ka nemi a kai ka gidan ka gaishe su a ranar, kada ka ce sai wani zuwan.