Shafin Bogi na Tallafin Taki: Yadda Ake Gano Mai Adireshin da whois, a Kai Masa Ƙorafi

Da zarar hadari ya fara haɗuwa a ƙauyukan Dambatta, Makoɗa da Kunchi, hankalin kowane magidanci yana kan taki. A wannan yanki gona tana manne da gona, ƙasa ba ta samun hutu, don haka buhu ɗaya kan iya raba wanda zai cika rumbu da wanda zai sayi hatsi tun kafin bazara. Masu damfara sun san haka. Shi ya sa a irin wannan lokaci ake ganin saƙonni a zaurukan WhatsApp suna cewa an buɗe rijistar tallafin taki, a latsa nan a cike. Shafin yakan nemi suna da lambar waya, sannan lambar BVN, lambar katin banki, daga ƙarshe kuma lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙon waya.

Yawancin matasan da suka gane bogi ne sukan tsaya a gargaɗi: "Jama'a kada ku cike." Gargaɗin yana da amfani, amma shafin yana nan a buɗe, gobe zai shiga zauren wani ƙauyen. Akwai mataki na gaba da mai wayar Android zai iya ɗauka daga inda yake zaune. Kowane shafi yana zaune ne a kan wata kwamfuta, kwamfutar tana da adireshin IP, adireshin kuma yana cikin wani rukuni da aka yi wa rijista da sunan wani kamfani. Wannan kamfanin yana da ikon sauke shafin, idan ƙorafi ya kai gare shi da hujja.

Wa ke rabon adireshi?

Ba a rabon adireshin IP ɗai-ɗai. Rukuni-rukuni ake bayarwa, kamar yadda ake yanka fili a ba dillali, shi kuma ya yayyanka wa masu haya. Hukumomi biyar ne ke riƙe da kundin rabon a duniya: ARIN a Arewacin Amurka, RIPE NCC a Turai da Gabas ta Tsakiya, APNIC a Asiya da yankin Pasifik, LACNIC a Latin Amurka, sai AFRINIC a Afirka, wadda ke da hedikwata a Mauritius kuma ta samu cikakkiyar amincewa a 2005. Adireshin da ya fara da 41, 102, 105 ko 197 daga rabon AFRINIC ya fito.

Hanyar tambayar waɗannan kundaye ita ce whois, tsohuwar hanya ce da ke aiki tun 1982. Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne, ba ta faɗin sunan ɓarawo. Sunan mai fili take bayarwa, wato kamfanin da ɓarawon ya kama haya a wurinsa.

Daga sunan shafi zuwa adireshi

A ɗauki misalin wani matashi mai shagon POS a kasuwar Dambatta. Kawunsa ya miƙo masa waya ya ce, "Ɗana, duba min wannan, wai na taki ne." Matashin ya ga sunan shafin bai ƙare da `.gov.ng` ba, kuma yana neman lambar kati. Ya ce, "Kawu, kada ka sa komai, bari in bincika." Suna da adireshin da za a gani a ƙasa na koyarwa ne, an keɓe su don misali, ba na wani kamfani ba ne.

Da farko ya ɗauki hoton allon saƙon da na shafin, ya rubuta lokacin da ya gan shi. Sannan ya buɗe Termux, manhajar da ke ba wayar Android wurin rubuta umarni, ya sauke kayan aiki biyu, ya nemi adireshin:

```
pkg install whois dnsutils
dig +short tallafin-taki.example
```

Amsa ta fito: `203.0.113.45`. Wannan umarni ba ya buɗe shafin, tambayar inda yake kawai yake yi, don haka babu haɗari. Amma akwai tarko a nan. Idan mahaɗin da aka turo gajere ne irin na bit.ly, adireshin da zai fito na kamfanin gajarta mahaɗi ne. Dole a fara gano ainihin sunan shafin da mahaɗin ke kaiwa, shi za a bincika.

Karanta amsar whois

Sai ya tambayi kundin:

```
whois 203.0.113.45
```

Amsar takan yi tsawo, amma layuka kaɗan ne ke da muhimmanci:

```
inetnum:        203.0.113.0 - 203.0.113.255
netname:        EXAMPLE-HOSTING
country:        NL
abuse-mailbox:  abuse@example.net
```

Layin `inetnum` shi ne iyakar filin, daga farko zuwa ƙarshe. A nan adireshi 256 ne, wanda masana ke rubutawa da `/24`. Layin `netname` sunan rukunin ne. Layin ƙarshe shi ne abin da ake nema, wato akwatin imel da kamfanin ya keɓe don ƙorafi. Kowane kundi yana da yadda yake rubuta shi. A na ARIN `OrgAbuseEmail` ne, a na RIPE kuma yana zuwa tun daga sama a layin da ya fara da `% Abuse contact for`. Kundin AFRINIC yakan ɓoye imel sai an ƙara `-B` a umarnin, kuma sau da yawa a layin `remarks` ake samun akwatin ƙorafin. Idan babu ko ɗaya, tun 1997 aka tsara cewa kamfanonin intanet su riƙe akwati mai suna `abuse@` a gaban sunan shafinsu, sai a gwada shi. Wanda ba ya son Termux zai iya sa adireshin a lookup.icann.org ta burauza, ya ga bayanan.

Wani lokaci amsar kan nuna rukuni biyu, babba da ƙarami a cikinsa. Ƙaramin shi ne ya fi kusa da shafin, nan ake fara kai ƙorafi. Babban kuma shi ne wanda ya ba ƙaramin haya, a ajiye shi don mataki na biyu.

Inda ake yin kuskure

Kuskure na farko shi ne ɗaukar layin `country` a matsayin inda mai laifi yake. Ƙasar da aka rubuta a rijista ce kawai. Mutum na iya zama a Kano ya kama hayar kwamfuta a Holan da 'yan daloli a wata.

Na biyu, idan amsar ta nuna `CLOUDFLARENET`, ba a kai ga mai ɗauke da shafin ba tukuna. Cloudflare labule ne da ke tsayawa a gaban shafuka masu yawa, na kirki da na banza, yana ɓoye ainihin adireshinsu. A nan ana cike fom ɗinsu ne a abuse.cloudflare.com, su kuma su isar wa mai ɗauke da shafin.

Na uku, kundin kansa ba ya rasa ƙarya. A 2019 aka bankaɗo cewa an sauya bayanai a kundin AFRINIC daga cikin gida, aka karkatar da adireshi kimanin miliyan huɗu, waɗanda da yawansu na tsofaffin kamfanoni ne da suka daina aiki. Saboda haka idan rukuni ya nuna sunan kamfanin da ba shi da shafi ko wata alama ta rayuwa, akwatin ƙorafinsa kuma imel ne na kyauta, to akwai yiwuwar mai laifin ne da kansa zai karanta wasiƙar. A irin wannan hali a tsallake shi, a rubuta wa babban rukunin.

Rubuta ƙorafin

Ma'aikacin da ke duba akwatin ƙorafi yana samun saƙonni masu yawa a rana, kuma bai san Dambatta ba, bai san taki ba. Abin da yake buƙata huɗu ne: wane adireshi, wane shafi, yaushe, kuma me shafin ke yi. Ana rubutawa da Turanci mai sauƙi, ba zagi, ba barazana:

```
Subject: Phishing site on 203.0.113.45

URL: hxxps://tallafin-taki[.]example/rijista
IP: 203.0.113.45
Seen: 2025-06-02 09:40 UTC
The page poses as a fertiliser subsidy form and collects
bank card numbers and one-time codes from farmers in Nigeria.
The text is in Hausa. Screenshots attached.
Please take it down and confirm.
```

Akwai dalili a kan kowane layi. An rubuta `hxxps` da `[.]` ne don kada mahaɗin ya latsu bisa kuskure, kuma kada matatar imel ta ɗauki wasiƙar a matsayin damfara ta jefar da ita. Lokacin kuma da UTC aka sa shi. Agogon Najeriya yana gaba da UTC da awa ɗaya, don haka 10:40 na safe a Dambatta shi ne 09:40 a wasiƙar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin adireshi ɗaya kan sauya hannu, kuma da lokaci ne kamfani ke duba rajistarsa ya gano wane mai haya ne. An kuma faɗi cewa rubutun Hausa ne, tare da bayanin abin da yake nema, saboda ma'aikacin da ba ya jin Hausa zai iya buɗe shafin ya ga fom kawai, bai ga laifi ba.

Abin da ba a sawa shi ne BVN, lambar kati ko lambar wayar wanda aka cuta. Idan sun fito a hoton allo, a shafe su. Kamfanoni da dama sukan tura wa mai hayar kwafin ƙorafin yadda yake, don haka ya fi kyau a aika daga imel ɗin da bai ɗauke da cikakken suna ba.

Bayan an aika

Sau da yawa amsar farko ta na'ura ce mai ɗauke da lambar ƙorafi. A ajiye ta. Bayan kwana ɗaya ko biyu a sake gudanar da `dig`. Idan babu amsa, an rufe sunan shafin. Idan adireshin bai canza ba kuma shafin yana buɗewa, a sake rubutawa da lambar ƙorafin, a haɗa da babban rukunin. Idan kuwa sabon adireshi ya fito, mai shafin ya yi ƙaura zuwa wani kamfani. A nan bin sa gida-gida ɓata lokaci ne. Sai a gudanar da whois a kan sunan shafin maimakon adireshi, a nemi layin `Registrar Abuse Contact Email`, a rubuta wa kamfanin da ya sayar da sunan, domin idan aka dakatar da suna duk mahaɗan da aka riga aka yaɗa sun mutu. Sunayen da suka ƙare da `.ng` suna ƙarƙashin NiRA ne, kuma ana iya sanar da ngCERT, cibiyar ƙasa mai karɓar rahoton irin wannan ta'asa.

Ƙorafin yana da iyaka. Ba ya dawo da kuɗi, kuma kamfanin ba zai faɗa wa mai ƙorafi sunan mai hayar ba, sai hukuma ta nema ta hanyar doka. Saboda haka idan wani ya riga ya sa lambar katinsa, bankinsa za a fara kira a rufe katin, kafin a buɗe Termux.