Tushen Farfajiyoyi Biyu a Matiris Mai Layi Uku da Ginshiƙi Huɗu

Matiris jadawalin lambobi ne, layukansa a kwance, ginshiƙansa a tsaye. Idan aka tace layukansa, wato aka yi ta ɗebe ninkin wani layi daga wani har lambobin suka jeru kamar matakala, ana samun tushen farfajiyoyi biyu. Ta farko ita ce farfajiyar sifiri, wadda ta ƙunshi duk bekta x da ta cika Ax = 0. Ta biyu ita ce farfajiyar ginshiƙai, wato duk abin da za a iya haɗawa daga ginshiƙan A ta hanyar ninkawa da tarawa. Tushe kuwa shi ne bektoci mafi ƙarancin adadi da suka isa su samar da farfajiyar gaba ɗayanta.

Ga matiris A da tataccensa R:

```
A = 1 2 0 3     R = 1 2 0 3
    2 4 1 8         0 0 1 2
    1 2 1 5         0 0 0 0
```

An ɗebe ninki biyu na layin farko daga na biyu, aka ɗebe layin farko daga na uku, sai layukan biyu suka zama iri ɗaya, na ƙarshe ya koma sifiri. Lambar farko da ba sifiri ba a kowane layi na R ita ce jagora, kuma a nan jagorori suna ginshiƙi na 1 da na 3.

Ginshiƙan da ba su da jagora, na 2 da na 4, su ke nuna cewa x2 da x4 sakakku ne, suna iya ɗaukar kowace lamba. Layukan R sun ba da x1 = −2x2 − 3x4 da x3 = −2x4. Idan aka sa x2 = 1, x4 = 0, ana samun (−2, 1, 0, 0). Idan aka juya, x2 = 0, x4 = 1, ana samun (−3, 0, −2, 1). Waɗannan biyu su ne tushen farfajiyar sifiri. Gwada su ba wuya: layi na biyu na A da bekta ta biyu suna ba da −6 + 0 − 2 + 8 = 0.

A farfajiyar ginshiƙai ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. R yana nuna wurin jagorori kawai, amma ginshiƙan tushe daga A na asali ake ɗauko su: (1, 2, 1) da (0, 1, 1). Wanda ya ɗauki (1, 0, 0) da (0, 1, 0) daga R ya kuskure, domin duk haɗinsu yana ƙarewa da sifiri a ƙasa, alhali ginshiƙin farko na A yana ƙarewa da 1. Dalili shi ne tace layuka yana sauya ginshiƙai, abin da ba ya taɓawa kawai shi ne dangantakar da ke tsakaninsu. A cikin R, ginshiƙi na 4 ninki uku ne na na farko haɗe da ninki biyu na na uku, kuma haka yake a A: (3, 8, 5).

Adadin bektocin tushen biyu, idan aka tara, dole ya yi daidai da yawan ginshiƙai. A nan biyu da biyu sun ba da huɗu.