Littafi Kashi-Kashi ko Littafi Dunƙule: Abin da Kowace Hanya Take Yi wa Mai Karatu a Damargu

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu duba hanyoyi biyu da marubutan ƙagaggun labarai na Hausa suke bi wajen fitar da littattafansu ta wayar salula. Hanya ta farko ita ce a riƙa sakin labari kashi-kashi, babi bayan babi, tun marubuci bai kai ƙarshensa ba. Ta biyu kuwa ita ce a jira sai an kammala shi, sannan a sake shi dunƙule. Abin da muke son nunawa shi ne cewa bambancin bai tsaya ga lokacin da labari yake isa hannun mutane ba, yana shiga har cikin ginin jimla da irin karatun da ake yi masa. Mun ɗauki Damargu, wato gundumomin Tanut da Balbeji na jahar Damagaram, don a can ne hanyar farko take cin karo da abin da ba a yi shirinsa ba lokacin da aka ƙago ta.

2. Asalin al'adar

Yanka labari kashi-kashi ya girmi wayar salula nesa ba kusa ba. A ƙasar Faransa, jaridar Journal des débats ta riƙa buga Les Mystères de Paris na Eugène Sue guntu-guntu daga 1842 zuwa 1843. A Hausa ma, wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya san aku yana tsare ɗan sarki ne da labari dare bayan dare, don kada ya fita. Daga baya, marubutan adabin kasuwar Kano na shekarun 1980 da 1990 suka saba fitar da littafi na ɗaya, su bar na biyu sai na farkon ya maido da kuɗin ɗab'i. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino yana cikin waɗanda suka fito littafi-littafi.

Abu biyu ne sababbi a yau. Na ɗaya, kashin ya ƙanƙance, daga ɗan littafi ya koma saƙo guda da marubuta suke kira shafi. Na biyu, mai karatu yana mayar da martani nan take. Galibi marubuciya (mata ne suka fi yawa a wannan fage) takan saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, idan labari ya kama mutane sai ta ce ci gaban na kuɗi ne. Wadda ta biya sai a sa ta cikin rukuni na musamman. Marubuta da yawa na Nijeriya sukan ware farashi da sefa domin ƴan Nijar.

3. Abin da yankawa take yi wa harshe

Marubuciyar da take saki kashi-kashi tana da buƙata ɗaya a ƙarshen kowane shafi: mai karatu ta dawo. Nahawun Hausa ya ba ta kayan aikin yin haka. Mu dubi waɗannan jimloli da muka ƙirƙira domin misali:

(1) Ta shiga ɗaki. Ta ga wasiƙa a kan gado.

(2) Shigarta ɗaki ke nan sai ta ga wasiƙa a kan gado.

(3) Shigarta ɗaki ke nan sai...

Jimla ta (1) bayani ne da ya cika, ana iya ajiye littafi a kansa. A jimla ta (2), "ke nan" ya riƙe aikin farko a buɗe, "sai" kuma ya yi alkawarin cewa wani abu zai auku nan take. A jimla ta (3) an yi alkawarin, an hana cikawarsa. Duk mai jin Hausa ya san ba a tsayawa a kan "sai", shi ya sa yankewar take damunsa har gobe. A littafin da aka rubuta don a sake shi dunƙule, irin wannan yankewa ba ta da amfani sosai, tun da amsar tana layi na gaba.

Farkon shafi shi ma yana da nasa nauyi. Tun da kwana biyu ko uku sun shiga tsakani, lamirin suna kamar "ta" ko "shi" ba ya isa ya tuna wa mutum wa ake nufi. Dole a maimaita cikakken suna, a ɗan waiwayi inda aka tsaya. Wannan taimako ne ga mai bin labari a kan kari, amma idan aka harhaɗa shafukan wuri ɗaya sai ya zama nauyi. Ta nan ne ma ake gane littafin da asalinsa kashi-kashi aka sake shi: gaisuwa da godiya ga masu sharhi a tsakiyar labari, maimaicin abin da aka karanta yanzu-yanzu, da tashin hankali da yake zuwa a kan tazara ɗaya kamar an auna da igiya.

4. Misali daga Damargu

Mu ɗauka an yi littafi mai shafi 60, kowane shafi kalmomi 2000, ana sakin uku a mako. Zai ɗauki mako 20, kusan wata biyar. Mu ɗauka shafi 15 na farko kyauta ne, sauran 45 kuma sai an biya dala ɗari, wato sefa 500. Sai mu sa masu karatu biyu a gaba: ɗaya tana cikin garin Tanut, inda take samun layi kusan kullum, ɗaya kuma tana wani ƙauye a ƙasar Tarka, ba ta samun layi mai ƙarfi da cajin waya sai ranar da aka je kasuwa.

Ta Tanut tana karanta labarin yadda aka shirya shi. Shafi guda yakan ci mata ɗan lokaci bayan sallar isha'i, ta kwana da tambaya, ta yi sharhi, ta ga abin da wasu suka ce. Ta ƙauye kuwa shafi uku take samu a tare, sau ɗaya a mako. Biyu daga cikin yankewa uku sun tashi a banza, don amsarsu tana hannunta. Muhawarar da aka yi a kansu ta riga ta wuce. Ta biya kuɗin tafiya tare da jama'a, amma kullum a bayan ayari take.

Akwai kuma batun abin da wayar take ɗauka. Rubutu ba shi da nauyi. Shafi mai kalmomi 2000 bai wuce haruffa 12,000 ba a ƙiyasi, saboda haka littafin gaba ɗaya, in rubutu ne zalla, bai cika megabait guda ba, ƙasa da hoto ɗaya mai kyau. Abin da yake cinye kuɗin layi shi ne rukunin kansa. Rukunin WhatsApp yana iya ɗaukar mutum 1024, kuma sharhi da saƙon murya da hotuna na mako guda duk suna jiran ta ƙauye ranar da ta buɗe waya. Cikin wannan tari ne za ta tono shafukanta uku. Idan ta tsallake na 31 ba ta sani ba, alamar da za ta gani ita ce mutumin da ta bari a Kano ya bayyana a wani gari ba bayani. In da a dunƙule aka ba ta littafin, sauke shi sau ɗaya ya wadatar, ta karanta ba layi, ta kuma tura wa maƙwabciya waya da waya.

Wannan sauƙin turawa shi ne dalilin da marubuta suke gudun sakin littafi dunƙule. Kwafi ɗaya da aka saya yana iya zagaya gari. Saki kashi-kashi bai hana satar ba, amma yana sa wadda ta biya ta riga kowa sani, kuma wannan rigayen shi ne ainihin abin da ake sayarwa.

5. Inda kashi-kashi ya fi, da inda yake kasawa

Bai kamata a ɗauka dunƙulallen littafi ya fi ta kowace fuska ba. Ko da yake an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, mafi yawan waɗanda suka shiga lakwal a Nijar da Faransanci suka koyi karatu. A Damargu kuma akwai waɗanda Hausa harshe na biyu ce gare su, bayan Tamajak ko Barbarci ko Fulatanci. Ga irin wannan mai karatu, littafi mai kalmomi 120,000 dutse ne, shafi guda kuwa abin da za a iya gamawa ne a zama ɗaya. Haka nan shafi guda ya yi daidai da hirar dare, inda mai waya take karanta wa waɗanda ba su yi boko ba.

Sai dai rubutun da take koyo da shi rubutun gaggawa ne, wanda bai bi ta hannun mai gyara ba. Sau da yawa ba a sa haruffa masu lanƙwasa, sai "baƙi" da "baki" su zama ɗaya, a kuma haɗe "da shi" ya koma "dashi". Bakano yana cike giɓin da kunnensa. Wadda Hausarta ta Damargu ce, ga kuma kalmomin Ingilishi da aka cusa cikin zance alhali ita Faransanci ta sani, sai ta yi ta tuntuɓe. Mai sakin littafi dunƙule yana da damar bin sa daga farko ya gyara, ko da yake ba kowa yake amfani da damar ba.

Matsala ta ƙarshe ta shafi labarin kansa. Abin da aka riga aka saki ba ya gyaruwa. Idan a shafi na 40 marubuciya ta gane ta yi kuskure a na 8, sai dai ta yi masa kwaskwarima a gaba. Masu sharhi kuma suna ja: a hukunta kishiya, kada a kashe wane, a ƙara tsawo. Muryar da take isa gare ta ita ce ta masu layi kullum, don haka labarin yana karkata ga son mutanen birni. Mafi muni, rashin lafiya ko ɓatan waya yana iya tsayar da labari a shafi na 45, wadda ta biya sefa 500 ta tashi ba ƙarshe ba kuɗi.

6. Kammalawa

Mun ga cewa saki kashi-kashi yana sayar da jira da tarayya ne, kuma ba ya cika aikinsa sai ga mai samun layi a kan kari. Saki dunƙule yana ba da labari cikakke, amma yana barin marubuci a hannun masu turawa kyauta. Ga mai karatu irin ta ƙasar Tarka, abin da ya fi dacewa yana tsakani: a ci gaba da saki kashi-kashi, a sa wa kowane shafi lamba a layinsa na farko, a raba rukunin labari da na sharhi, sannan bayan kowane shafi goma a harhaɗa su cikin kundi ɗaya da aka cire wa gaisuwa da maimaici. Wannan kusan komawa ne ga littafi na ɗaya da na biyu na kasuwar Kano, wanda dama an yi shi ne domin mai saye da ba ya zuwa kasuwa kullum.