Sanar da Samun Sabon Aiki: Wa Za a Fara Gaya Wa, Me Za a Rubuta?

Tun kafin a zo ga kalmomin sanarwa, wasu sun riga sun ɓata rawarsu da tsalle, domin malamin da ya rubuta musu takardar shaida a Facebook ya tsinci labarin, kamar kowane baƙo. Wannan yana da ciwo. Iyaye da malamai da shugabanka na wurin aikin da za ka bari, su ne farkon ji, ko dai ka taka ƙafa ko ka buga waya. Kuma ka dakata sai takardar kama aiki ta shiga hannunka ka sa hannu, don alkawarin baka yana tashi.

Mu ɗauki misalin matashiyar da ta samu aikin jinya a asibitin gwamnati. Saƙonta a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu bai kamata ya wuce haka ba: "Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, na samu aikin jinya, zan fara ranar Litinin. Ina godiya ga malamata da ta gyara mini takardun neman aikin, da yayana da ya ɗauki nauyin karatuna. Ku taya ni addu'a Allah ya ba ni ikon sauke nauyi."

Ba ta ambaci albashi ba, ba ta ce mutum nawa ta doke a jarrabawa ba, ba ta kuma yi wa "maƙiya" habaici ba. Ta faɗi takamaiman abin da kowa ya yi mata, wanda ya fi "na gode wa kowa da kowa" nauyi nesa ba kusa ba. Ta tuna cewa a zauren akwai waɗanda har yanzu suke yawo da takardu ofis-ofis.

Inda aka fi zamewa shi ne ambaton sunan babban mutum. Ka rubuta cewa Alhaji wane ne ya yi maka hanya, kana ganin karramawa ce, alhali ka jawo masa abu biyu: za a ce aikin na wa-ka-sani ne ba cancanta ba, sannan gobe masu neman aiki su cika masa ƙofar gida. Saboda haka ka tambaye shi tukuna: "Ranka ya daɗe, ko in ambace ka a sanarwar?" In ya ce a'a, ziyara da addu'a sun wadatar. Ni a ganina godiyar da aka kai har gida ma ta fi daraja.

Hoton takardar kama aiki kuwa, kada ka saka shi ko'ina. Akwai cikakken sunanka da matakin albashi da sa hannun jami'i a jiki, kuma da irinta 'yan damfara suke buga takardun bogi su sayar wa masu neman aiki. In har sai ka sa hoto, naka ya isa.