Kaya Sun Zo Ba Yadda Aka Yi Oda Ba: Yadda Ake Rubuta Ƙorafi da Hujja

Idan kayan da aka yi oda ta intanet suka zo ba daidai ba, abin da mutane suka fi yi shi ne tura doguwar murya ta WhatsApp cike da faɗa. Mai kaya ya saurara, ya ce "a yi haƙuri, za mu duba," daga nan shiru. Ƙorafin da ake ɗauka da muhimmanci shi ne rubutacce, wanda ya jera abin da aka yi alkawari da abin da ya iso hannu. Hujjar kuwa tana cikin sikirinshot ɗin da ka ɗauka lokacin ciniki.

Ban da hoton kayan da suka iso, hotuna huɗu ake bukata: na tallan kayan, inda launi da adadi da farashi suka fito, na tabbacin oda, mai ɗauke da Order Number idan a manhaja aka saya, ko hirar da aka daddale ciniki idan a Instagram ko WhatsApp ne, na rasit ɗin tiransifa, sai na isar da kaya, wato Tracking Number ko takardar da direban tasha ya bayar. A rasit, kada ka tsaya ga adadin kuɗi kawai. Lambar da aka rubuta wa Session ID ko Transaction Reference ita ce banki ke bi ya gano inda kuɗi suka shiga, don haka da wuya a musanta ta. Ka ɗauki hotunan nan da wuri, domin mai kaya na iya sauke talla ko ya goge saƙonsa da Delete for everyone.

A ƙaddara wata baiwar Allah a Katsina ta yi odar shadda daga wata mai shago a Kano. Ga yadda takardarta za ta kasance:

"Assalamu alaikum Hajiya. Ranar 3 ga Maris na yi odar shadda ruwan toka, yadi 10, a kan naira 85,000, da kuɗin mota 3,000 (hoto na 1 da na 2). A ranar na tura naira 88,000 zuwa asusun da kika bayar. Ga Session ID a hoto na 3. Kin ce kaya za su iso 6 ga Maris, amma sai 11 ga wata na karɓa a tasha (hoto na 4). Da na buɗe sai na tarar da ruwan ƙasa, tela ya auna ya samu yadi 8 (hoto na 5). Ina so a canza mini da wadda na zaɓa, kuɗin mota a kanki, ko a mayar mini da naira 88,000 kafin 20 ga Maris. Shaddar na nan ba a yanka ba. Na gode."

Babu zagi a ciki, babu kiran wani macuci. Kowace jimla tana da hoton da ke tsaya mata, an kuma sa wa hotunan lamba. Ta faɗi ainihin abin da take so da ranar da take jira, maimakon "a san yadda za a yi." Ambaton cewa ba a yanka shaddar ba shi ma da dalili: da zarar almakashi ya taɓa yadi, maganar mayarwa ta yi rauni.

Kafin ka tura, sake duba hotunanka. Sikirinshot ɗin da aka datse har kwanan wata ko sunan shago ya fita ba ya tabbatar da komai. Idan sunan asusun da ke rasit ya bambanta da na shagon, haɗa da saƙon da mai kaya ya turo lambar asusun da kansa. Idan manhaja ta nuna Delivered alhali ba ka karɓi komai ba, nemi a faɗa maka wanda ya karɓa da lokacin. Rufe ragowar kuɗin asusunka, kuma kada ka taɓa tura lambar katin banki ko OTP. Manyan manhajoji suna da wa'adin mayar da kaya na 'yan kwanaki, wanda galibi ke farawa daga ranar karɓa, saboda haka jinkiri na iya cinye haƙƙinka.

Idan wa'adin da ka bayar ya wuce ba amsa, a Najeriya akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, kuma tana karɓar ƙorafi ta intanet. Takardar nan da hotunanta za ka miƙa, tare da hoton da ke nuna ranar da ka tura wa mai kaya bai amsa ba.