Kwanar Daytona: gudun da ba ya buƙatar riƙon taya

A filin tseren motoci na Daytona da ke jihar Florida a Amurka, wanda aka buɗe a 1959, kwanonin titin a karkace suke har digiri 31. Da gangan aka gina su haka.

A shimfiɗaɗɗen titi, riƙon taya da kwalta ne kaɗai ke juya mota. Amma idan an ɗaga gefen waje na kwana, turin da titi ke wa mota shi ma sai ya karkata. Wani kaso nasa ya ɗauki nauyinta, sauran ya tura ta cikin kwanar. Akwai gudu guda ɗaya tak da wannan turin ke wadatarwa, ko da titin santsi ne zalla: v = √(r × g × tan θ).

A Daytona, r, wato nisa daga tsakiyar da'irar kwanar zuwa titi, kimanin mita 300 ne. Jan ƙasa, g, 9.8 ne, tan 31° kuwa kusan 0.6. Idan aka ninka ukun, ana samun 1,764, tushensa kuma 42. Wato mita 42 a daƙiƙa, kimanin kilomita 151 a awa.

Abin ban sha'awa, nauyin mota bai shiga lissafin ba sam. Tirela da babur amsarsu ɗaya.

Kan santsi, motar da ta gaza wannan gudu za ta zamo ƙasa, wadda ta zarce shi ta haura katanga. Motocin Daytona kan kai kilomita 300 a awa, don haka tayoyi ne ke cike gibin.